Minti Ashirin a Gaban Masana: Yadda Ake Rubuta wa Mai Shirya Taro

A ƙarshen watan Fabrairun 2016 masana harkar wake daga ƙasashe daban-daban suka haɗu a garin Livingstone na ƙasar Zambiya. Shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa wake da danginsa, kuma cibiyar binciken noma ta IITA mai hedikwata a Ibadan tana cikin waɗanda suka shirya taron, kamar yadda ta shirya wanda aka yi a Saly ta ƙasar Senegal a 2010. Mai kallon hotunan irin wannan taro daga nesa yakan ɗauka duk wanda ya hau mumbari takardar gayyata aka aika masa har ofis. Ba haka abin yake ba. Manyan baƙi 'yan ƙalilan ne ake nema a roƙa su zo. Sauran, waɗanda su ne suke cika jadawalin kwana uku ko huɗu, su suka rubuta da kansu suka ce suna da abin faɗa, aka duba, aka ba su wuri.

A nan Bahaushe yakan ja da baya. An raine shi a kan cewa yabon kai jahilci ne, don haka mutum ya ɗauki alƙalami ya ce wa baƙo "ga ni, ku saurare ni" yakan yi masa nauyi. Sai ka tarar da ma'aikacin da ya yi shekara goma yana aiki a ƙauyuka yana zaune a kujerar baya, wanda bai kai shi sanin filin ba yana gaba yana bayani. Amma saƙon da ake magana a kansa, idan an rubuta shi daidai, kusan ba ya maganar mai rubutun. Maganar waɗanda za su zauna a zauren yake yi, da abin da za su tashi da shi.

Kafin a rubuta komai, yana da kyau a san halin da mai karɓar saƙon yake ciki. Shugaban kwamitin tsara jawabai yawanci malamin jami'a ne ko ma'aikaci da aka ɗora wa wannan nauyi a kan aikinsa na kullum, da daddare yake duba saƙonni. A gabansa akwai jadawali mai gurabe: zama ɗaya sau da yawa minti 90 ne, a raba wa mutum uku ko huɗu, kowa ya samu minti 15 zuwa 20, a bar ɗan lokaci na tambayoyi. Damuwarsa ita ce kada ya ba mutum gurbi ranar taro ta zo a neme shi a rasa, ko ya zo ya maimaita abin da na gabansa ya gama faɗa, ko ya mayar da mumbarin wurin tallar kamfaninsa. Duk wanda ya taɓa shirya taro ya ga aƙalla ɗaya daga ciki. Saboda haka idan ya buɗe saƙo ba digiri yake ƙirgawa ba. So yake ya ga a wane gurbi zai sa wannan mutum, kuma ko zai iya kare zaɓinsa a gaban sauran 'yan kwamiti.

Ƙofar shiga biyu ce. Tarukan jami'o'i da na ƙungiyoyin masana sukan fitar da sanarwar neman maƙalu watanni kafin ranar taro, su faɗi jigo da ƙananan batutuwa, da yawan kalmomin tsakure, galibi tsakanin 200 da 300, da ranar rufe karɓa. Tarukan masu fasahar kwamfuta, irin su PyCon da DevFest, sukan buɗe fom a intanet, da yawansu a shafin Sessionize, mutum ya cike take da bayani da tsawon lokacin da yake so. Inda aka buɗe wannan ƙofa, ta nan ake shiga. Wanda ya tsallake fom ya rubuta wa shugaban taro kai tsaye, yana ganin ya yi wayo, amsar da zai samu ita ce a mayar da shi ga fom ɗin, idan ma an amsa. Wasu kwamitocin ma sukan ɓoye sunan mai nema kafin a ba masu tantancewa, don kada sanayya ta shiga. Ƙofa ta biyu, wato saƙo kai tsaye, ta tarukan da ba su fitar da sanarwa ba ce: taron shekara na wata ƙungiyar 'yan kasuwa, ko bitar ma'aikata, ko zaman tattaunawa da kwamiti yake zaɓo mutanensa da kansa. A nan saƙon shi ne komai.

A ɗauki misalin wata malamar gona da take aiki da manoma da dillalan hatsi a wata ƙaramar hukuma ta jihar Kano. Ta ga sanarwar wani taro kan tsaron abinci da rage asarar amfanin gona bayan girbi. Abin da ya fara zo mata shi ne ta rubuta kamar takardar neman aiki: gaisuwa mai tsawo, jerin makarantun da ta yi, bitocin da ta halarta, sannan a layin ƙarshe ta ce za ta so a ba ta dama ta yi magana kan noma da ci gaban ƙasa, ko kan duk batun da kwamiti ya ga ya dace.

Wannan layin na ƙarshe shi ne ya kashe saƙon, duk da cewa da ladabi aka yi niyyarsa. Ta mayar wa mai shirya taro aikin da ya kamata ta yi masa. Yanzu shi zai zauna ya yi tunanin abin da ta sani, ya ƙirƙiro mata take, ya rubuta ya tambaye ta ko ya yi mata. Mutumin da yake da tarin saƙonni ba zai yi ba. "Noma da ci gaban ƙasa" kuma ba take ba ne, sunan ma'aikata ne. Minti 20 ba ya ɗaukar fiye da kalmomi kamar 2,500 idan ana magana a natse, wato 'yan shafuka kaɗan. Taron TED da ya yi suna a duniya minti 18 ya yanka wa masu jawabinsa, komai girman mutum. Batun da zai shiga wannan lokaci dole ya zama ƙarami, mai baki da wutsiya.

To me wannan malama ta sani wanda farfesan da ke zauren bai sani ba? Ta san buhu.

Ga yadda labarin yake. Nijeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye mata, kuma babban abokin gabar waken da aka adana shi ne ƙwaron da yake huda shi ya bar gari a gindin buhu. Don gudunsa wasu masu ajiya sukan zuba maganin ƙwari irin fiya-fiya. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin wannan magani da aka riƙa samu a ciki, wanda ya zarce iyakar da ta yarda da ita ta miligiram 0.01 a kowane kilo, kuma an yi ta tsawaita haramcin bayan nan. Alhali akwai hanyar ajiya da ba ta buƙatar magani. Masanin ƙwari Larry Murdock na Jami'ar Purdue a Amurka, tare da masu bincike a arewacin Kamaru, sun fara aikinta tun ƙarshen shekarun 1980, kuma daga 2007 aka yaɗa ta a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. Shi ne buhun PICS mai ninki uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowane ninki daban, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su cinye ɗan abin da ya rage, su daina ci da hayayyafa, su mutu.

Duk wannan masana sun sani, yana cikin mujallunsu. Idan malamar ta ce za ta zo ta yi bayanin yadda buhun yake aiki, ta zo sayar da goro a Gwanja. Abin da take da shi wanda ba kowa ba shi ne ta tsaya a rumbuna da shaguna ta ga inda buhun yake ba mutane kunya: ɓera ya huda shi saboda an jingina shi da bango a ƙasa, ko an haɗa bakin ledojin biyu an ɗaure lokaci guda, ko uwargida tana buɗewa duk mako tana ɗiban na girki, ko an sake amfani da tsohon buhu ba a hura shi an gwada ko yana yoyon iska ba. Daga nan manomi ya yanke hukuncin cewa buhun ƙarya ne, ya koma wa magani. Wannan jawabi ne. Yana da tambaya guda, yana da amsa, kuma wanda ya ji shi zai canza yadda yake koyar da manoma.

Da wannan a hannu, saƙon yakan rubuta kansa. A layin take na imel ta sa: "Neman gurbin jawabi: dalilan da buhun PICS yake gazawa a hannun manomi (minti 20)". Sai jikin saƙon:

"Assalamu alaikum, Farfesa. Da fatan kuna lafiya, ya ƙoƙarin shirye-shirye?

"Na ga a sanarwar taronku kun ware zama kan asarar amfanin gona bayan girbi. Ina neman ku ba ni minti 20 a wannan zama in gabatar da jawabi mai take 'Buhu Bai Yi Laifi Ba: Kurakurai Huɗu da Suke Sa Ƙwaro Ya Ci Wake a Buhun PICS'.

"An tabbatar buhun yana aiki, amma a yankin da nake akwai manoman da suka gwada shi suka koma zuba magani. Zan nuna, da hotunan da na ɗauka a rumbuna da shagunan dillalai, inda matsalar take fitowa: wurin ajiya, ɗauri, yawan buɗewa, da sake amfani da buhun da ya huje. Zan zo da buhu in nuna gwajin da ake yi kafin a zuba wake. Jawabin zai fi amfanar malaman gona da ƙungiyoyin da suke raba buhunan, domin za su tashi da abubuwan da ya kamata su ƙara a bitar da suke yi wa manoma.

"Ni malamar gona ce, shekarata takwas ina aikin ajiyar hatsi da manoma da dillalai. Ba na sayar da buhun, ba ni da alaƙa da kamfanin da yake yin sa. Ina iya gabatarwa da Turanci ko da Hausa, kuma ina nan duk kwanakin taron. Idan gurbin jawabi ya cika, zan yi farin cikin shiga zaman tattaunawa. Na haɗo tsakure na shafi ɗaya.

"Na gode. Allah ya taimaka."

Sai suna, da wurin aiki, da lambar waya.

Saƙon bai kai kalma 250 ba, ana iya karanta shi a waya ba tare da an gaji da jan allo ba. Yawancin irin waɗannan taruka a Nijeriya da Turanci ake rubuta musu, a Nijar da Faransanci, amma ginin ɗaya ne. Gaisuwa layi guda ta wadatar. An kira Farfesa da muƙaminsa, an yi masa jam'in girmamawa, an wuce. Wanda ya cika sakin layi biyu da kirari yana jinkirta abin da mai karatu ya buɗe saƙon don ya gani.

Jimla ta biyu ita ce ta fi kowace aiki. Da ta ambaci zaman da take nufi, ta nuna ta karanta sanarwar, ba saƙo ɗaya ta rarraba wa taruka goma ba, kuma ta ɗauke wa Farfesa wahalar neman inda zai sa ta. Mai son ya ƙara ƙarfin wannan wuri sai ya nemo jadawalin taron bara, wanda sau da yawa yana nan a shafin masu shiryawa. Idan an yi jawabi mai kama da nasa, ya faɗa da bakinsa, ya nuna inda nasa ya ɗora. Idan ya yi shiru kwamiti zai tuna, ya ajiye nasa a matsayin maimaici.

Bayanin kanta ya zo a sakin layi na huɗu, kuma layi biyu ne. Ba ta ɓoye ƙwarewarta ba, amma ta zaɓi abin da ya shafi wannan jawabi kaɗai. Takardar shaidar koyon kwamfuta da ta samu ba ta da hurumi a nan. Da tana da alƙaluma daga littafin aikinta, misali yawan rumbunan da ta duba da nawa aka samu ɓarna, wuri ne mai kyau ta sa guda ɗaya, da sharaɗin za ta iya kare shi idan wani ya miƙe a zaure ya tambayi yadda aka ƙirga. Alƙalamin da aka ƙara wa gishiri ya fi rashinsa illa, domin a taron masana akwai mai tambaya. Idan kuma akwai bidiyon wani jawabi da ta taɓa yi, ko na minti uku ne a wurin bita, ta sa adireshinsa. Takarda ba ta nuna ko mutum yana iya tsayawa gaban jama'a, bidiyo yana nunawa.

Layin da ta ce ba ta sayar da buhun zai iya zama kamar ƙari, amma yana amsa tambayar da mai shirya taro yake jin nauyin yi. Wanda kuma yake aiki da kamfanin ya faɗa tun farko. Ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi. Akwai tarukan da suke da gurabe na musamman na kamfanonin da suka ɗauki nauyi, can za a kai shi.

Saura maganar kuɗi, wadda mutane suke kaucewa har sai ta zama rigima. A yawancin tarukan ilimi, karɓar maƙalar mutum ba ya nufin an ɗauke masa komai: shi zai biya rajista, ya biya mota ko jirgi, ya biya masauki. Babban baƙo ne ake yi wa hidima. Wasu tarukan suna da tallafin tafiya, kamar Wikimania ta masu rubuta Wikipedia, amma neman tallafin daban yake da neman gurbin jawabi, kowanne da fom ɗinsa da wa'adinsa. A saƙon farko bai dace a buɗe da farashi ba. Idan dai zuwan mutum ya rataya ne a kan tallafi, ya faɗa a layi guda a ƙarshe, don kada a buga sunansa a jadawali sannan ya ce ba shi da kuɗin mota. Taron ƙasar waje kuma yana da nasa lissafin. Bizar ƙasashen Turai na yankin Schengen a ƙa'ida kwana 15 ake yi ana duba ta, tana iya kaiwa 45, ban da jiran samun ranar ganawa. Mai niyyar zuwa ya roƙi takardar gayyata ranar da aka karɓe shi, ba sai mako biyu kafin tafiya ba.

Akwai kuma tarukan da amsarsu mai daɗi ita ce alamar haɗari. A 2005 wasu ɗalibai uku na jami'ar MIT a Amurka suka rubuta manhajar da suka kira SCIgen, wadda take harhaɗa kalmomin kimiyya barkatai su fito kamar maƙala. Suka aika wa wani taro da za a yi a Orlando, aka karɓa. A 2016 Christoph Bartneck, malami a Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand, ya samu gayyatar wani taron kimiyyar nukiliya, fannin da ba nasa ba. Ya bar wayarsa ta riƙa cike masa kalmomi yana dannawa, ya aika da sunan ƙarya. Cikin awa uku aka ce an karɓa, aka nemi ya biya dala 1,099 na rajista. Irin waɗannan taruka kuɗin masu jawabi suke nema, kuma sun fi kama ƙananan malaman jami'a da suke buƙatar shaidar halartar taro don ƙarin girma. Ana gane su: taro ɗaya ya haɗa likitanci da injiniyanci da adabi, saƙon gayyata ya cika da yabo amma bai ambaci ko aiki ɗaya na wanda aka rubuta wa ba, amsa ta zo kafin a ce wani ya karanta, sai matsin a biya. Kafin a aika wa taron da ba a sani ba, a duba ko wata sananniyar ƙungiya ko jami'a ce take bayansa, a nemi jadawalin shekarun baya, a tambayi wani da ya taɓa zuwa.

Taron gaskiya yakan ɗauki lokaci. Idan ta fom aka nema, sanarwar takan faɗi ranar da za a ba da amsa, kuma babu amfanin tuntuɓa kafin ranar. Idan saƙo ne kai tsaye, bayan kwana goma ko mako biyu ana iya tunatarwa sau ɗaya, a ƙarƙashin saƙon farko don kada Farfesa ya sha wahalar nema, layi biyu kawai. Kiran waya da sassafe, ko aiko wani babba ya sa baki, yakan sa kwamiti ya fara tunanin irin wahalar da mutumin zai ba su ranar taro.

Amsar ba kullum take zuwa da e ko a'a ba. Ana iya ce wa malamar gurbin minti 20 ya cika, amma ga minti 10, ko ta kafa bayaninta a allo a farfajiyar zaure ta tsaya kusa da shi masu wucewa suna tambaya. Ga mai buhu a hannu wannan na biyun ba ragi ba ne, domin gwajin hura leda ya fi kyau a gaban mutum biyar da za su taɓa da hannunsu. Idan ta amince, sai ta amsa a ranar, ta tabbatar da take da yadda ake rubuta sunanta, ta tambayi ranar da ake son cikakkiyar maƙala, da ko akwai majigi a zauren, ta kuma sanar da su cewa za ta shigo da buhu da mudu biyu na wake don a tanadar mata tebur.